Darasi na Bakwai: Rufe Tsallen Hoto a Hirar Bidiyo

Ranar Laraba kasuwar shanu ta Potiskum take ci, kuma duk mai koyon ɗaukar hira a garin nan zai yi wuya ya samu wurin gwaji da ya fi ta wahala. Tireloli na shiga suna fita, 'yan lodi na ihu, ƙura na tashi, shi kuma dillalin da ka samu ya yarda ya yi magana idonsa ɗaya yana kanka, ɗayan yana kan mai saye da ke shirin kuɓuce masa. Zai ba ka amsar da ta kai minti guda, amma abin da kake buƙata a cikinta bai wuce daƙiƙa goma sha biyar ba. Sauran gaisuwa ce, da "wato", da "ka gane", da komawa baya. Dole ka yanke. A wannan darasi za mu ga abin da yankan yake haifarwa a hoto, da yadda ake rufe shi, da kuma inda rufewar take zama rashin gaskiya.

Abin da ido yake gani

Kyamara ta tsaya wuri ɗaya, mutum yana zaune ko yana tsaye a gabanta. Ka cire daƙiƙa takwas daga tsakiyar maganarsa, ka haɗa gaba da baya. A cikin daƙiƙa takwas ɗin nan ya ɗan karkata kai, ya sauke hannu, wani yaro mai tallar ruwa ya shigo bayansa. Idan aka kunna bidiyon, sai a ga kan ya yi zumbur daga hagu zuwa dama, hannun ya ɓace, yaron ya bayyana kamar daga ƙasa ya tsiro. Wannan shi ne tsallen hoto, wanda masu tace bidiyo suke kira jam kot.

Dalilin da ya sa yake damun ido shi ne hotunan biyu sun yi kama da juna sosai, amma ba ɗaya ba ne. Da a ce sun bambanta ƙwarai, misali daga fuskar mutum an koma ga garken shanu, mai kallo zai ɗauka an nuna masa wani abu dabam, ba zai ji komai ba. Da a ce kuma ɗaya ne sak, babu abin da zai gani. Tsakiyar nan ce matsala. Shi ya sa masu fim suke da tsohuwar ƙa'ida cewa idan za a haɗa hotuna biyu na mutum ɗaya, to kyamara ta matsa gefe aƙalla digiri 30, ko kuma girman mutumin a cikin hoton ya canja a fili. Mai kyamarori biyu yana samun wannan a sauƙaƙe. Yawancinmu kuwa waya ɗaya ce a hannunmu, don haka sai mu nemi wani hoton mu ɗora a kan wurin yankan.

Hoton da ake ɗorawa iri biyu ne, ko da yake a manhaja wuri ɗaya suke zama. Na farko shi ne wanda ake ɗauka a wurin hirar, na wani abu da ke kusa da mai magana: hannunsa riƙe da sanda, fuskar wanda yake saurare, igiyar da ke wuyan saniyar da ke gefensa. Shi ake kira katawe. Na biyu shi ne hoton abin da ake magana a kai, wanda wataƙila an ɗauke shi a wani ɓangaren kasuwa ko ma a wata rana: lodin shanu a tirela, cinikayya, shan ruwan dabbobi. Mu a nan za mu kira su duka hoton rufi, sai inda bambancin ya zama dole.

A kasuwa ake neman rufi, ba a gaban kwamfuta ba

Kuskuren da ya fi yawa ga masu koyo shi ne su ɗauki hira, su ce an gama, su koma gida. Da dare suna tacewa sai su ga yanka shida, babu hoto ko ɗaya da za su rufe da shi. Kasuwa kuwa sai wata Larabar.

Saboda haka yayin da ake hira, kunnenka ya riƙa tsintar sunayen abubuwa da ayyuka. Dillali ya ambaci haƙori, ya ambaci tafiyar saniya, ya ambaci tozo, ya ambaci la'ada. Kowanne daga cikinsu hoto ne da za ka nema da zarar an gama magana, tun rana ba ta sauya wuri ba. Ka roƙe shi cikin ladabi: "Baba, don Allah ko za a nuna mana yadda ake duba haƙorin nan?" Yawancin masu sana'a sun fi jin daɗin nuna aikinsu a kan bayyana shi da baki, kuma a nan ne sau da yawa ake samun hoton da ya fi na hirar kanta kyau.

Sanin abin da kake ɗauka yana taimakawa. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, a muƙamuƙin ƙasa kawai suke, guda takwas, kuma yadda na yarinta suke faɗuwa manya su maye gurbinsu bibbiyu shi ne abin da masu duba shekaru suke karantawa. Wanda ya san haka zai durƙusa ya jira a ja leɓen ƙasa, wanda bai sani ba zai tsaya daga sama ya ɗauki hancin saniya da bayan hannun dillali.

Kowane hoton rufi ka riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba tare da motsa wayar ba, ko da uku kawai za ka yi amfani da su. Farkon ɗauka da ƙarshenta kusan kullum suna rawa saboda taɓa maɓalli, tsakiyar ce mai amfani. Kada ka riƙa zuƙowa da yatsa ko juya wayar hagu da dama, domin hoto mai tafiya yana da wuyar yankewa a daidai inda kake so. Aiki ɗaya kuma ka ɗauke shi ta fuskoki dabam-dabam: hannu kusa-kusa, fuskar mai aikin, wurin gaba ɗaya daga nesa, sannan ta bayan kafaɗarsa yadda za a ga abin da shi yake gani. Da waɗannan huɗun za ka iya jera hotuna biyu ko uku a kan dogon yanka ba tare da su ma sun yi tsalle a tsakaninsu ba.

Saitin wayar ya zama ɗaya daga farkon aiki zuwa ƙarshe. In a kwance ka ɗauki hira, rufin ma a kwance. Talabijin a Najeriya tana tafiya da firam 25 a daƙiƙa, yawancin wayoyi kuwa a kan 30 suke zuwa, don haka in aikin na gidan talabijin ne ka duba saitin tun kafin ka fita. Mu a misalinmu 25 za mu bi.

Akwai abu ɗaya da ba hoto ba ne, amma ba a barin kasuwa sai da shi. Ka tsaya daidai inda aka yi hirar, kowa ya yi shiru a ɓangarenku, ka ɗauki hayaniyar wurin har minti guda. Za ka ga amfaninta nan gaba.

Sai batun izini. Ka fara gabatar da kanka ga shugabannin kasuwa kafin ka ɗaga waya. Kasuwar nan ta ga mummunan hari a watan Mayu na 2012, kuma ba laifin kowa ba ne in ya tambayi baƙon da ke ɗaukar hoto ko shi wane ne. Hoton mutum yana ƙirga kuɗi kuwa, komai kyansa, ba a ɗaukarsa sai mai kuɗin ya yarda, kuma ya fi kyau a tsaya a kan hannu ban da fuska.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce ka tambayi wani dillali yadda yake sanin darajar saniya. Ga irin amsar da za ka iya samu, yadda ta fito daga baki:

"To, ai ka ga, idan an kawo saniya, abu na farko da nake dubawa shi ne haƙoranta. (Tirela ta yi ham, ya waiwaya.) Sannu Alhaji, ina zuwa, yanzun nan. Eh, me ma nake cewa? Yawwa. Saboda haƙori shi ke gaya maka shekarunta. Wato mu, ka gane, tun muna yara muke bin iyayenmu nan, ba yau muka fara ba, kowa ya san mu. Bayan haƙori sai in sa a ja ta in ga tafiyarta. In ta ɗingisa, to kuɗinta ya ragu, ko mai ita ya rantse."

Mataki na farko, ka manta da hoto. Ka tace maganar da kunne kawai, in ka ga dama ka kau da kai daga allon. Za ka cire gaisuwar Alhaji da neman bakin zare, ka cire labarin yarinta domin ba shi aka tambaya ba. Abin da ya rage jimloli huɗu ne da yanka biyu. A ce yanka na farko ya faɗo a daƙiƙa 6 da firam 10, bayan kalmar "haƙoranta", na biyu kuma a daƙiƙa 9 da firam 20, bayan "shekarunta". Kada ka ɗora hoton rufi ko ɗaya sai ka tabbata ba za ka sake taɓa maganar ba, domin in ka cire ko kalma ɗaya daga baya, duk abin da ka jera a sama zai goce daga mazauninsa.

Mataki na biyu, ka kawo hoton haƙoran ka ɗora shi a layin da ke saman na hira. A manhajojin kwamfuta irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve, hira tana kan `V1`, rufi yana kan `V2`, kuma abin da ke sama shi yake rufe na ƙasa. A CapCut na waya, maɓallin `Overlay` ne yake ba ka wannan layin na sama. Hoton yana shigowa ɗan ƙarami a tsakiyar allo, sai ka buɗe shi da yatsu biyu har ya cika ko'ina. Ka duba kusurwoyi huɗun da kyau, domin sau da yawa siririn layi na hirar yana leƙowa ta gefe.

Yanzu ga inda gwaninta take. Masu koyo sukan fara rufin daidai kan yankan, wato hoto da sauti su canja a firam ɗaya. Yin haka yana tona abin da kake ɓoyewa, domin kunne ya ji ɗan canji a murya, ido kuma ya ga canji a daidai lokacin, sai mai kallo ya haɗa biyun. Rufi yana farawa ne kafin yanka, ya ƙare bayansa. A misalinmu ka ja shi baya da firam 12, kusan rabin daƙiƙa, ya fara a daƙiƙa 5 da firam 23, daidai lokacin da dillali yake furta "haƙoranta". Mai kallo ya ji kalmar, ya ga haƙoran, hankalinsa ya tafi can. Sa'ad da yankan ya zo, idonsa yana cikin bakin saniya.

Tsawonsa fa? Hoto kusa-kusa na abu ɗaya, irin haƙora ko hannu, daƙiƙa biyu zuwa uku sun ishi ido ya gane shi. Hoton nesa mai mutane da dabbobi da yawa yana son huɗu ko biyar. Abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba kuwa, walƙiya yake yi ya wuce, kowa ya san faci aka yi. Bari mu ba haƙoran daƙiƙa uku, su ƙare a daƙiƙa 8 da firam 23.

Sai ga wata matsala ta taso, kuma da gangan na zaɓi waɗannan lambobi don ka gan ta. Yanka na biyu yana daƙiƙa 9 da firam 20. In ka bar fuskar dillali ta dawo bayan haƙoran, firam 22 kawai za ta yi, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ko dai ta yi tsalle ko kuma wani rufin ya sake danne ta. Fuskar da ta leƙo ta ɓace haka ta fi tsallen hoton ma tayar da hankali. Idan yanka biyu sun yi kusa da juna, ana rufe su ne a tare. Da haƙoran sun ƙare, sai hoton saniya ana janta tana tafiya ya biyo baya kai tsaye, ya ratsa yanka na biyu, ya ci gaba har dillali ya gama cewa "in ga tafiyarta", a ce daƙiƙa 12 da firam 15. Ga yadda layukan za su kasance:

```
V2          [haƙora 05:23-08:23][tafiya 08:23-12:15]
V1  [jimla 1 -06:10][jimla 2 -09:20][jimla 3 da 4 .....]
A1  [jimla 1 -06:10][jimla 2 -09:20][jimla 3 da 4 .....]
A2  [hayaniyar kasuwa ..................................]
```

Lura da inda muka dawo kan fuska: daidai "In ta ɗingisa, to kuɗinta ya ragu, ko mai ita ya rantse." Wannan ce jimlar da ta fi kowace gishiri, a nan mutumin zai ɗaga gira ko ya yi murmushi, kuma dominta aka yi hirar. Bayani ana iya rufe shi da hoto, amma hukunci da raha da ɓacin rai a fuska ake son ganinsu. Na sha ganin rahotannin da aka lulluɓe mai magana da hotunan shanu daga farko har ƙarshe, aka gama ba a san kamanninsa ba. A ra'ayina wannan ya fi tsallen hoto muni. Haka nan a farkon hira, a bar fuskar mutum ta yi daƙiƙa huɗu ko biyar, a sa sunansa da sana'arsa a ƙasa, kafin rufi na farko ya shigo.

Kunne ya fi ido saurin kama ka

Ka rufe hoto tsaf, amma wanda ya saurara zai iya jin ɗinkin. Abubuwa uku ne suke jawo haka, kuma na farkonsu shi ne hayaniyar baya. A jimla ta ɗaya injin tirela yana ruri, a ta biyu ta riga ta wuce, sai rurin ya katse kamar an kashe rediyo. Nan ne minti gudan da ka ɗauka yake aiki. Ka shimfiɗa shi a `A2` ƙarƙashin hirar duka, ka rage shi sosai yadda ba zai yi gogayya da murya ba. Idan muryar tana kaiwa wajen `-12 dB`, hayaniyar ta zauna wajen `-30 dB`, sannan ka gyara da kunnenka. Da yake ita ba ta yankewa, tana ɗinke gibin da ke sama. Sautin da ya zo tare da hotunan rufi kuwa, ka kashe shi ko ka rage shi ƙwarai, in ba haka ba kowane rufi zai shigo da tasa hayaniyar. In ƙaho ko kukan sa ya hau kan kalmar ƙarshe ta jimla, gara ka matsar da yankan gaba kaɗan ka bar ƙarar ta mutu da kanta.

Na biyu shi ne ɗan "ƙas" da ake ji a daidai mahaɗar. Maganinsa a sa gajeriyar narkewar sauti a kan yankan, firam biyu zuwa huɗu. A Premiere Pro sunanta `Constant Power`. Kada ta yi tsawo, domin kalmomin biyu za su hau kan juna.

Na uku ya fi wuyar magani, domin a cikin muryar yake. Mai magana da Hausa yakan fara jimla da murya a sama, tana sauka a hankali har ƙarshe. In ka yanke mutum a tsakiyar jimla, muryarsa ba ta sauka ba tukuna, kunne yana jiran ci gaba. In kuma ka ɗauko rabin jimla na ƙarshe ka mai da shi farko, za a ji ya fara a ƙasa kamar wanda ya gaji. Babu hoton da zai rufe wannan. Ka yanka a inda mutum ya sauke murya, ka kuma bar masa numfashin da yake ja kafin sabuwar jimla. Masu koyo suna son share numfashi duka don a rage lokaci, sai dattijo ya koma yana magana ba tsayawa kamar mai karanta sanarwar cigiya.

Yadda rufi yake tona kansa

Bayan ka gama, ka kalli aikin sau ɗaya ba sauti, kana neman saɓani. Sanda tana hannun dama a hira, a katawe tana hagu. Hannun da ke buɗe bakin saniya yana da agogo, dillalinka ba shi da agogo, ashe hannun yaronsa ne ka ɗauka. An yi hira da hantsi, inuwa doguwa, haske mai laushi, rufin kuwa na tsakar rana ne, komai ya yi fari fat. A lokacin hunturu wannan ya fi tsanani, domin hazo yana iya sauya launin sama cikin awa guda. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da saitin haske da launi a manhaja, babba kuwa sai dai a canja hoton.

Akwai kuma hoton nesa da dillalin yake ciki yana magana. Yana da jan hankali a yi rufi da shi, tunda mutumin ne kuma wurin ne, amma in ana ganin bakinsa, leɓensa zai riƙa faɗin wani abu dabam da abin da ake ji. Ka zaɓi inda ya ba da baya, ko inda yake saurare baki rufe. Sannan ka lura da alkibla: in saniya tana tafiya daga hagu zuwa dama a hoto ɗaya, a na gaba kuma daga dama zuwa hagu, sai a ga kamar ta juya ta koma. Ka tsaya a gefe ɗaya na aikin yayin ɗauka, wannan ba zai faru ba. Hoto ɗaya kuma ba a maimaita shi sau biyu a gajeren rahoto, mutane suna ganewa.

In babu rufi

Wani lokaci ba ka da komai sai hirar. In ka ɗauke ta a 4K, wato 3840 da 2160, kuma za ka fitar da aikin a 1920 da 1080, kana da damar zuƙo hoton har ninki biyu ba tare da ya dushe ba. Sai ka bar jimla ta ɗaya daga ƙirji zuwa sama, ka zuƙo ta biyu zuwa fuska, yankan ya zama kamar an sauya kyamara. Zuƙowar ta zama mai yawa yadda za a gan ta a fili, kuma idanun mutumin su zauna a kusan tsayi ɗaya a hotunan biyu. In a 1080 ka ɗauka, dabarar ba ta da ƙarfi: kaɗan ka zuƙo tsallen yana nan, da yawa ka zuƙo hoton ya yi hazo.

Manhajojin suna da wata dabara da take narkar da fuska daga wannan firam zuwa wancan, `Morph Cut` a Premiere Pro, `Smooth Cut` a DaVinci Resolve. Tana aiki in mutum yana zaune a ɗaki, bango a bayansa, kansa bai motsa sosai ba. A kasuwar shanu ba ta da amfani, domin duk wanda ke wucewa a baya zai narke ya zama wani abu mai ban tsoro.

Kana kuma iya barin tsallen a fili. Jean-Luc Godard ya cika fim ɗinsa *À bout de souffle* na 1960 da shi da gangan, kuma yau masu magana kai tsaye da kyamara a YouTube da TikTok sun sa ido ya saba da shi. Ya dace da wanda yake gabatar da kansa cikin sauri. Bai cika dacewa da dattijo yana ba da tarihi a natse ba.

Inda rufi yake zama ƙarya

Dabarar nan tana ɓoye wa mai kallo cewa an cire wani abu, don haka amana ce a hannunka. Cire "wato" da gaisuwar Alhaji bai sauya abin da dillali ya faɗa ba. Amma a ce ya ce, "In aka gyara hanya, aka rage kuɗin da ake karɓa a kanta, shanu za su yi araha kafin Sallah," kai kuma ka yanke sharaɗin ka bar "shanu za su yi araha kafin Sallah", ka ɗora hoton garke a kai. Ɗinkin zai fita sumul, kuma ka sa mutum ya yi alkawarin da bai yi ba. Haka yake in ka ɗauko amsar tambaya ɗaya ka manna ta a ƙarƙashin wata. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: in ka koma kasuwa Laraba mai zuwa ka miƙa masa wayar ya kalla, zai ce haka ya faɗa?

Hoton ma yana iya yin ƙarya ko da ba a taɓa magana ba. Tun kimanin shekara ɗari da suka wuce, mai fim ɗan Rasha Lev Kuleshov ya nuna cewa mai kallo yana ɗaukar ma'ana daga abin da aka jera kusa da juna, ko da babu alaƙa tsakaninsu. In dillali yana cewa wasu suna kawo dabbar sata ko maras lafiya, kai kuma ka ɗora hoton wani bawan Allah riƙe da saniyarsa, fuskarsa a fili, ka zarge shi a gaban duk garin alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. A irin wannan jimla ka tsaya a kan fuskar mai faɗa, ko ka yi rufi da abin da ba ya nuna kowa, kamar ƙafafun shanu a cikin ƙura. Tsohon hoton kasuwa da ka ciro daga ajiya kuwa, ka rubuta shekararsa a kai.

Akwai wani katawe da 'yan jarida suka daɗe suna yi: bayan an gama hira, sai a juya kyamara a ɗauki mai tambaya yana gyaɗa kai kamar yana saurare. Yana rufe yanka da kyau, amma gyaɗa kan wasa ne, kuma in ya faɗo kan magana mai zafi sai a ga kamar ɗan jaridar ya goyi bayanta. A 2007 sashen labarai na tashar Five ta Birtaniya ya daina amfani da shi saboda wannan damuwa ta yaudarar mai kallo. In za ka yi, fuskarka ta zama ta mai saurare kawai, ba gyaɗawa ba murmushi. Idan kuma hirar ta shafi zargi, ko mai magana jami'i ne da kalmominsa za su iya zama hujja, gara a nuna yankan: a sa farin walƙiya na 'yan firam a mahaɗar, kowa ya san an cire wani abu a nan.

Aikin gwaji

Ka nemi mai sana'a ɗaya da ka sani, mahauci, ko mai awon hatsi, ko makanikin tirela. Ka yi masa tambaya ɗaya a kan yadda yake gane kaya mai kyau, ka bar shi ya yi magana har ya gama. Kafin ka bar wurin ka ɗauki hotunan rufi shida, kowanne daƙiƙa goma, uku daga cikinsu na abubuwan da ya ambata da bakinsa, sannan minti guda na hayaniyar wurin. Ka tace amsar ta koma daƙiƙa talatin da yanka aƙalla uku, ka rubuta a takarda daƙiƙa da firam na kowane yanka da inda rufinsa ya fara da inda ya ƙare. A aji za a kunna aikin kowa sau biyu: da farko abokan karatu su juya baya su saurara, su ɗaga hannu duk inda suka ji ɗinki, sannan su kalla ba sauti su nuna inda hoto ya saɓa. Ka zo da asalin hirar ma, domin za a gwada ta da wadda ka tace a ga ko maganar tana nan yadda mai ita ya faɗe ta.